Yadda ake warware tambayar Fiziks mai zanen sakit, mataki bayan mataki

Ɗalibai da yawa sun sha tambayata a kan abu guda: sun haddace dokar Ohm, sun san yadda ake haɗa rizisto, sun yi lissafi, lambar da suka samu kuma ga ta nan a cikin zaɓuɓɓuka huɗun da aka ba su, amma da sakamako ya fito sai a ce sun faɗi tambayar. Dalilin shi ne, wanda ya tsara tambayar ba da ka ya zubo lambobin ƙaryar nan uku ba. Zama ya yi, ya aikata kurakuran da ɗalibai suka saba yi da gangan, ya ɗauki lambar da kowane kuskure ya haifar ya sa ta a matsayin zaɓi. Saboda haka ganin lambarka a takarda ba shaida ba ce cewa ka yi daidai. Abin da zai tsare ka shi ne bin aikin a kan tsari.

Kayan aiki ba su da yawa: fensir, abin gogewa, wani fili a gefen takarda da za ka sake zane a ciki, sai kalkuleta idan an yarda a shiga da ita. Wanda hannunsa ya saba zai gama irin wannan tambaya cikin minti biyu zuwa uku.

Ga tambayar da za mu bi da ita daga farko har ƙarshe. Batir ne mai bolt 12, kuma yana da turjiya ta cikinsa, wato rizistans, om 1. Daga bakinsa mai alamar ƙari waya ta shiga rizisto mai om 3. Bayan ta fito sai ta rabu gida biyu: reshe ɗaya yana ɗauke da rizisto mai om 6, ɗayan mai om 12. Rassan sun sake haɗuwa, suka koma bakin batir mai alamar ragi.

```
 (+)--[3Ω]--P--[ 6Ω]--Q--(-)
            |         |
            +--[12Ω]--+
```

Ana neman karent ɗin da ke bi ta cikin rizisto mai om 12. Zaɓuɓɓukan su ne A. 1.5 A, B. 1.0 A, C. 0.57 A, D. 0.50 A.

1. Fara da jimlar ƙarshe ta tambayar

Kafin ka tsura wa zanen ido, karanta abin da ake nema, ka ja masa layi. Abubuwa ne daban-daban waɗanda suke kama da juna a idon mai gaggawa: karent da ke fita daga batir, karent da ke bi ta rizisto guda, turjiyar sakit gaba ɗaya, ko turjiya tsakanin wurare biyu da aka ambata. A tambayarmu karent na reshe guda ake so. Sa ɗan kibiya da fensir a kan rizisto mai om 12 don kada ka manta inda za ka.

Hattara: duba ma'aunin da ke jikin zaɓuɓɓukan tun yanzu. Idan an rubuta mA, kashi ɗaya ne cikin dubu na amfiya. Idan a jikin zanen akwai kΩ, om dubu ke nan. Bolt 6 a kan 2 kΩ yana ba da 0.003 A, wato 3 mA, kuma sau da yawa za ka tarar da 3 A zaune a cikin zaɓuɓɓukan yana jiran wanda bai lura ba.

2. Duba batir, makunni da mitoci

Tambayi kanka ko batirin yana da turjiyar ciki. Wani lokaci ana rubuta ta a cikin bayanin tambaya, wani lokaci kuma a jikin zanen kawai, da ƙaramin harafin r kusa da batir, ko a zana ɗan rizisto a kewaye shi tare da batirin da layi mai ɗigo-ɗigo. Idan an ce ba a la'akari da ita, ko ba a ambace ta ba sam, ɗauke ta a matsayin sifili. Namu yana da om 1, kuma ana lissafa ta kamar wani rizisto da ke jere da batirin.

Makunni buɗaɗɗe yankakkiyar waya ce, babu abin da ke wucewa ta reshen da yake. Rufaffe kuwa waya ce zalla. Amita a irin waɗannan tambayoyi ana ɗaukar ta ba ta da turjiya, don haka ka mai da ita waya. Boltimita ana ɗaukar turjiyarta ta yi yawan da karent ba ya bi ta cikinta, don haka ka cire ta daga zanenka. Sai fa idan an ba ka turjiyar mitar da lamba, to a nan ta zama rizisto kamar saura.

3. Sa wa mahaɗai suna, ka sake zanen da hannunka

A nan ake cin tambayar ko a faɗi, kuma shi ne matakin da aka fi tsallakewa domin ana ganin ɓata lokaci ne.

Waya a cikin zane ba ta da turjiya. Tsawonta, lanƙwasarta da kusurwar da ta yi duk ba su da wani tasiri. Duk wuraren da waya zalla ta haɗa, ba tare da rizisto ko batir ya shiga tsakani ba, wuri guda ne, kuma boltej ɗinsu ɗaya. To sai ka ɗora fensir a bakin batir, ka bi wayar. Duk inda ka kai ba tare da ka ratsa wani abu ba, ba shi harafi ɗaya. Da zarar ka tsallake rizisto, sai ka canja harafi. A zanenmu, wurin da ke bayan rizisto mai om 3 mun kira shi P, inda rassan suka sake haɗuwa kuma Q.

Yanzu kowane rizisto yana da harafi biyu, ɗaya a kowane ƙarshensa. Da waɗannan haruffa za ka yanke hukunci, ba da yadda zanen ya yi wa idonka ba. Rizisto biyu suna faralel idan haruffansu biyu duka iri ɗaya ne. Mai om 6 yana tsakanin P da Q, mai om 12 ma yana tsakanin P da Q, ke nan faralel suke, ko da an zana ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance, ko an karkata ɗaya ya ratsa kusurwa. Rizisto biyu kuma suna siris ne kawai idan sun haɗu a wurin da babu wata hanya ta uku da ta fita daga shi, ta yadda duk karent da ya bar na farko dole ya shiga na biyu.

Hattara: a zanenmu mai om 3 da mai om 6 suna kan layi ɗaya, ido yana ganin su a jere, amma ba siris suke ba. A P akwai hanyar da ta ɓalle zuwa mai om 12. Wanda ya haɗa 3 da 6 ya samu 9, sannan ya yi faralel da 12, ya warware wani sakit ne daban wanda ba a tambaye shi ba.

Akwai kuma abin da haruffan nan suke tonawa wanda ido ba ya saurin gani. Idan ka tarar da rizisto wanda ƙarshensa biyu suke ɗauke da harafi ɗaya, waya ta kewaye shi ke nan. Babu bambancin boltej a tsakanin ƙarshensa, don haka babu karent a cikinsa. Goge shi daga zanenka. Sannan ka lura da inda wayoyi biyu suka gitta juna: idan akwai ɗigo baƙi a wurin, a haɗe suke; idan an yi ɗan tsalle, ko babu ɗigo a zanen da sauran mahaɗansa suke da ɗigo, wucewa kawai suka yi.

4. Kiyasta kafin ka lissafa

Daƙiƙa ashirin a nan suna iya kashe zaɓi biyu. Turjiyar rizisto da aka haɗa faralel kullum tana ƙasa da ta mafi ƙanƙanta a cikinsu. Kamar ɗaki ne cike da mutane masu son fita: ko ƙofa ta biyun da aka buɗe 'yar ƙarama ce, fitar sai ta fi sauri a kan da. Idan guda biyu ne kuma, ba za ta yi ƙasa da rabin ƙaramin ba. Ke nan haɗin 6 da 12 yana tsakanin om 3 da om 6. Da turjiyar sakit na waje ake nema, wato ban da ta cikin batir, ka riga ka san amsar tana tsakanin 6 da 9, kuma duk zaɓin da ya fita daga nan ka soke shi.

Wajen karent ma haka ne. Jimillar turjiya har da ta batir tana tsakanin 7 da 10, don haka karent na batir yana tsakanin 1.2 A da kimanin 1.7 A. Mai om 12 shi ne babba a cikin rassan biyu, rabonsa bai kai rabi ba. Rabin 1.7 kuwa 0.85 ne. Zaɓi na A da na B sun mutu tun ba ka taɓa kalkuleta ba. Saura C da D, kuma sun yi kusa da juna yadda kiyasi ba zai raba su ba. Idan ka ga zaɓi biyu sun matsu haka, yawanci wani ƙaramin abu ne a zanen ya raba su, kuma sau da yawa turjiyar cikin batir ce.

5. Naɗe sakit ɗin daga nesa zuwa batir

Fara da ƙullin da ya fi nisa da batir, ka mai da shi rizisto guda. Ga guda biyu a faralel, hanya mafi sauri ita ce ka ninka su, ka raba da jimlarsu:

```
R = (6 × 12) / (6 + 12) = 72 / 18 = 4 Ω
```

Huɗu tana tsakanin 3 da 6, ta dace da kiyasinmu.

Hattara da abu biyu. Na ɗaya, wannan gajeriyar hanya ta rizisto biyu ce kaɗai. Idan uku ne, ko dai ka haɗa biyu sannan ka haɗa sakamakon da na uku, ko ka yi amfani da babbar dabarar:

```
1/R = 1/R1 + 1/R2 + 1/R3
```

Na biyu, wanda ya bi ta babbar dabarar ya tuna cewa abin da ya samu 1/R ne, sai ya kifa shi. 1/6 da 1/12 sun ba da 3/12, wato 0.25, kuma wannan ba ita ce turjiyar ba. Kifawa ke ba da 4. A tambayoyin da zaɓuɓɓukansu turjiya ce, ka sa ran ganin lambar da ba a kifa ba a cikin jerin.

Yanzu sake ɗan zane: batir, om 1, om 3, om 4, duk a kan hanya ɗaya ba reshe. Waɗannan siris ne na gaskiya, sai a tara su. Jimilla om 8. Dokar Ohm ta ba da karent na batir, inda E boltej na batir ne, R turjiyar waje, wato om 3 da om 4 a haɗe, r kuma turjiyar cikin batir:

```
I = E / (R + r) = 12 / (7 + 1) = 1.5 A
```

Kada ka ɗaga fensir a nan. Lambar 1.5 tana cikin zaɓuɓɓuka, ita ce ma ta farko, kuma bayan ka sha lissafi zuciya tana son ta ce an gama. Koma ga kibiyar da ka sa a mataki na farko. Wannan karent ne na batir da na rizisto mai om 3, ba na mai om 12 ba.

6. Warware naɗin, ka koma wurin da ake tambaya

Karent 1.5 A yana ratsa haɗin nan mai om 4 da ke tsakanin P da Q. Boltej ɗin da ke tsakanin wuraren biyu shi ne 1.5 sau 4, wato bolt 6. Rizisto biyun kowannensu yana tsakanin P da Q, don haka kowanne bolt 6 yake gani. Mai om 12 yana ɗaukar 6 a raba da 12, wato 0.5 A. Mai om 6 yana ɗaukar 1.0 A. Amsa ita ce D.

Ka'idar da ke ƙarƙashin wannan mataki ita ce, a duk lokacin da za ka yi amfani da `V = IR`, abubuwan ukun su zama na abu guda ne. Boltej na batir yana tafiya da turjiyar sakit gaba ɗaya. Boltej na rizisto yana tafiya da turjiyar wannan rizisto. Wanda ya ɗauki bolt 12 na batir ya raba da om 12 na reshe ya gauraya su, kuma zai samu 1.0 A, zaɓi na B.

Akwai hanyar rabo wadda ta fi sauri, amma ita ma tana da nata rami. Karent yana rabuwa ne akasin girman turjiya. Tunda 12 ta ninka 6 sau biyu, mai om 6 zai ɗauki kashi biyu, mai om 12 ya ɗauki kashi ɗaya cikin uku. Sulusin 1.5 shi ne 0.5. Wanda ya juya rabon, ya ba babban rizisto babban kaso, shi ma 1.0 A zai samu. Kurakurai biyu mabambanta ke nan suna zuba a zaɓi guda, abin da ya sa B ya fi sauran kama mutane. Ni dai na fi ba ɗalibi shawarar ya bi ta boltej har sai hannunsa ya faɗa, domin layi ɗaya kawai ta ƙara, kuma ba ta da wurin juyewa.

Saura C. Wanda ya manta da turjiyar cikin batir zai raba 12 da 7 ya samu kimanin 1.71 A, sulusinsa kuma 0.57 A. Duk sauran aikinsa daidai ne, ɗan harafin r kawai ya tsallake.

Wani abin lura: wanda bai gane faralel ba sam, ya tara komai a jere ya samu om 22, zai fito da kimanin 0.55 A. Wannan lamba ba ta cikin jerin, sai ya ce bari ya ɗauki mafi kusa, ya faɗa kan 0.57. Idan lambarka ba ta zo daidai da kowane zaɓi ba, kuma bambancin ya wuce na taƙaita lamba, kada ka laluɓi makusanciya. Koma mataki na uku, domin a can matsalar take yawanci.

7. Tabbatar da amsar

Gwaji biyu ne, kuma dokokin Kirchhoff ne a sauƙaƙe. Abin da ya shiga mahaɗa shi ne zai fita: 1.0 da 0.5 sun ba da 1.5, daidai da abin da ya iso P. Sannan boltej da aka kashe a zagaye ɗaya dole ya yi daidai da na batir: bolt 1.5 a cikin batir, bolt 4.5 a kan mai om 3, bolt 6 tsakanin P da Q, jimilla 12. Ka lura bolt 6 ɗin sau ɗaya ake ƙirga shi, ba sau biyu ba, domin zagaye ɗaya reshe guda yake bi. Daga nan ma ka samu amsar wata tambaya da ake yawan liƙawa a kan zane irin wannan: boltimita da aka sa a bakin batirin za ta nuna 10.5, ba 12 ba.

Idan an sa makunni a zanen

Masu tsara tambaya suna son ɗaukar sakit guda su ƙara masa makunni, don haka yana da kyau ka ga yadda namu zai canja. A ce makunnin yana kan reshen mai om 6, aka buɗe shi. Reshen ya mutu, mahaɗar P ba ta da hanya ta uku kuma, sai 1 da 3 da 12 suka zama siris, jimilla om 16. Karent ya zama 0.75 A. Dubi abin da ya faru: karent na batir ya ragu daga 1.5 zuwa 0.75, amma na rizisto mai om 12 ya ƙaru daga 0.5 zuwa 0.75. Idan fitila ce a wurin, haskenta ƙaruwa zai yi. Wanda ya ce karent ya ragu, don haka komai ya ragu, ya faɗi. Dalilin ƙaruwar shi ne, da karent ya ragu, boltej da ake asara a kan om 1 da om 3 ya sauko daga bolt 6 zuwa bolt 3, sai bolt 9 ya rage wa mai om 12.

A ce kuma makunnin an ɗora shi ne daga P zuwa Q kai tsaye, aka rufe. P da Q sun zama harafi ɗaya. Ba mai om 12 kaɗai aka kewaye ba, har da mai om 6. Abin da ya rage om 4 ne, batir yana ba da 3 A, kuma karent a cikin mai om 12 sifili ne. Kada ka ji tsoron zaɓar sifili idan haruffanka sun nuna haka.

Idan babu siris, babu faralel

Wani lokaci za ka sa haruffa ka ga babu rizisto biyu da suka cika sharaɗin ko ɗaya. Yawanci gadar Wheatstone ce: rassa biyu, kowanne da rizisto biyu, da na biyar da ya haɗa tsakiyarsu. Gwada rabon. Idan reshen sama yana da om 2 da om 4, na ƙasa kuma om 3 da om 6, to 2 bisa 4 daidai yake da 3 bisa 6. Tsakiyar rassan biyu boltej ɗinsu ɗaya, na biyar ɗin ba ya ɗaukar komai ko nawa ne turjiyarsa, sai ka cire shi. Saura 6 a sama da 9 a ƙasa, faralel: 54 a raba da 15, om 3.6. Ka tabbata ka jera rabon daga gefe ɗaya, wato rizisto biyun da suka taɓa wurin shigar karent su ne a saman rabon duka biyu. Idan rabon bai zo daidai ba, ba a cire na tsakiyar, sai a rubuta lissafin Kirchhoff na kowane zagaye, kuma wannan yana cin lokaci sosai. A jarrabawar da ake ƙirga mintoci, sa wa tambayar alama ka wuce, ka dawo mata bayan ka gama sauran.